Idan Ɓargo Ya Daina Yin Jini

Yawancin ƙarancin jinin da ake gani a asibitocinmu sanadinsa a fili yake. Ko dai zazzaɓin cizon sauro ya farfasa jajayen ƙwayoyin jini, ko tsutsar ciki na zuƙe shi, ko mace ta zubar da shi wajen haihuwa, ko kuma abincin da ake ci ba shi da isasshen sinadarin ƙarfe. A duk waɗannan, ɓargon da ke cikin ƙashi lafiyarsa lau. Da zarar an magance sanadin, aka ba shi abin da yake buƙata, sai ya mayar da abin da aka rasa. Shi ya sa zogale da hanta da ƙwayoyin ƙarin jini suke yi wa mutane da yawa amfani.

Akwai kuma wani ƙarancin jinin da babu abin da zogale ko ƙwayar ƙarfe za su yi masa, domin matsalar tana can inda ake ƙera jinin. Likitoci suna kiransa afilastik animiya. A wannan ciwo ɓargo ne da kansa yake bushewa, ya daina samar da dukkan nau'o'in ƙwayoyin jini uku a lokaci guda. Ciwo ne da ba kasafai ake samunsa ba. A Turai da Arewacin Amurka mutum biyu ne cikin miliyan ɗaya suke kamuwa da shi a shekara, a gabashin Asiya kuwa adadin ya ninka haka sau biyu zuwa uku. Ya fi kama matasa daga shekara 10 zuwa 25, sai kuma dattawan da suka haura 60. Sai dai duk da ƙarancinsa, ciwo ne da abin da aka yi a makonnin farko yake iya raba gardama tsakanin warkewa da rasa rai, kuma wasu daga cikin abubuwan da dangi suke yi da kyakkyawar niyya su ne suke ɓata lamarin.

Aikin ɓargo

A jikin babban mutum, ɓargon da ke yin jini yana cikin ƙashin ƙugu, da ƙashin ƙirji, da haƙarƙari, da ƙashin baya, da ƙoƙon kai. A cikinsa akwai wasu 'yan ƙwayoyi da ake kira ƙwayoyin asali. Su ne tamkar irin shuka da manomi yake ɓoyewa a rumbu: daga gare su amfanin bana yake fitowa, daga gare su kuma ake samun irin baɗi. Kowace ƙwayar asali tana iya haifar da irinta, tana kuma iya rikiɗewa ta zama ɗaya daga cikin ƙwayoyin jini uku.

Na farko su ne jajayen ƙwayoyi, masu ɗaukar iskar da muke shaƙa daga huhu zuwa sassan jiki. Kowace tana yin kimanin kwana 120 kafin ta mutu, ɓargo kuma yana ƙera kusan miliyan biyu a kowace daƙiƙa don cike gurbinsu. Na biyu su ne fararen ƙwayoyi masu yaƙi da cuta. Mafi muhimmanci a nan su ne waɗanda ake kira nitirofil, masu cinye ƙwayoyin cuta da zarar sun shigo, kuma su ba sa wuce yini ɗaya ko makamancinsa a cikin jini. Na uku su ne filatilet, ƙananan ɓarɓashi masu toshe rauni su tsayar da zubar jini, waɗanda suke yin kwana 8 zuwa 10.

Wannan bambancin tsawon rai shi ne yake bayyana yadda ciwon ke fitowa. Idan ƙwayoyin asali suka ƙare, nitirofil da filatilet ne suke fara raguwa, domin ajalinsu gajere ne. Jajayen ƙwayoyi kuwa a hankali suke ƙarewa, cikin watanni. Saboda haka sau da yawa abin da ke fara kai mutum asibiti shi ne haɓo ko jinin dasashi, tun kafin a lura cewa idonsa da tafin hannunsa sun yi fari.

Wani likita Bajamushe, Paul Ehrlich, shi ne ya fara bayyana ciwon a 1888. Wata matashiya mai juna biyu ce ta rasu bayan zazzaɓi mai zafi da zubar jini da ƙarancin jini. Da aka duba ƙashinta, sai aka tarar ɓargon da ya kamata ya zama ja ya koma rawaya, kitse ya maye gurbin ƙwayoyin da ke yin jini. Har yau wannan shi ne abin da likita yake nema ya gani kafin ya tabbatar da ciwon.

Me ke jawo shi?

A kusan mutum bakwai cikin goma, ko an yi bincike iya bincike ba a gano wani abu daga waje da ya jawo ciwon. Amma an fahimci abin da ke faruwa a ciki. Garkuwar jikin mutum ce take juyowa kansa. Wasu fararen ƙwayoyi da ake kira ƙwayoyin T, waɗanda aikinsu shi ne kashe ƙwayoyin da cuta ta shiga, sai su ɗauki ƙwayoyin asalin ɓargo a matsayin baƙi, su dinga hallaka su. An fara zargin haka ne a wajajen 1970, lokacin da likitan Faransa Georges Mathé ya lura cewa wasu majinyatan da aka ba maganin danne garkuwa don a yi musu dashen ɓargo, dashen bai kama ba, amma nasu ɓargon ya farfaɗo da kansa. Ashe ba a gama da ƙwayoyin asalin gaba ɗaya ba, danne su aka yi.

A sauran majinyata ana iya nuna sanadi. Daga cikin magunguna, wanda ya fi shahara shi ne kuloramfenikol, wanda aka daɗe ana sha a ƙasashenmu don taifot, kuma har yanzu ana iya sayensa a kemis ba tare da takardar likita ba. Haɗarinsa ba shi da yawa, kusan mutum ɗaya ne cikin 25,000 zuwa 40,000 da suka sha. Abin tsoron shi ne ba a iya sanin wanda zai faɗa wa, ba ya kuma danganta da yawan abin da aka sha, yana iya bayyana makonni ko watanni bayan an gama shan maganin. Akwai kuma wasu magungunan farfaɗiya irin su kabamazafin, da wasu magungunan dangin salfa, da wani tsohon maganin ciwon gaɓoɓi, fenilbutazon.

Daga sinadarai, babban mai laifi shi ne benzin, wanda yake cikin fetur da wasu kayan narka fenti da gam. Wannan ya shafi mai sayar da bumburutu da ke zuƙo fetur da baki ta tiyo, da bakaniken da ke wanke hannu da shi kullum, da mai fenti da ke aiki a ɗakin da iska ba ta shiga. An kuma danganta ciwon da yawan mu'amala da wasu magungunan feshin ƙwari. Haka nan tururin nukiliya yana ƙona ɓargo. Marie Curie, masaniyar da ta gano sinadarin radiyom, wannan ciwon ne ya yi ajalinta a 1934, bayan shekaru tana aiki da shi ba tare da kariya ba.

Wasu majinyatan, musamman samari, ciwon yana zuwa musu wata biyu zuwa uku bayan sun yi shawara, irin wadda gwaji ba ya nuna sanannun ƙwayoyin ciwon hanta na A ko B ko C. Yakan kuma zo wa mace a lokacin goyon ciki, wani lokaci ya lafa bayan haihuwa.

Sai kuma na gado, wanda ya fi fitowa a yara. Sanannen cikinsu shi ne ciwon Fanconi, da aka sa wa sunan likitan yara ɗan ƙasar Suwizalan, Guido Fanconi, wanda ya bayyana shi a 1927. Yaron yakan zama gajere, da tabo-tabo a fata, wani lokaci babban yatsan hannunsa a naƙashe ko babu shi sam. Galibi sai uwa da uba duka suna ɗauke da shi yake fitowa a 'ya'ya, don haka ya fi yawa inda ake auren zumunci. Gane shi wajibi ne, domin maganin danne garkuwa ba ya yi masa aiki, kuma jikin yaron ba ya jure ƙarfin magungunan da ake ba sauran masu dashen ɓargo.

A nan ya kamata a raba wannan ciwo da wani abu da iyayen masu amosanin jini suka sani. Yaro mai sikila yakan kamu da wata ƙwayar cuta, fabobayiros B19, jininsa ya faɗi warwas cikin 'yan kwanaki saboda ɓargo ya dakata. Wannan jajayen ƙwayoyi kaɗai yake taɓawa, kuma bayan mako ɗaya zuwa kwana goma ɓargon yana komawa aiki da kansa. Ƙarin jini ya isa ya tsallakar da yaron. Afilastik animiya kuwa duka ukun take kamawa, kuma da wuya ta tafi don kanta.

Daga haɓo zuwa gwajin ɓargo

Mu ƙaddara wani saurayi ɗan shekara 19, mai nauyin kilo 50. Wata guda ke nan duk lokacin da ya yi asuwaki sai ya tofar da jini. Daga baya ya fara haɓon da ba ya tsayawa ko an matse hanci na tsawon lokaci. Ƙanwarsa ta lura da wasu ɗigo-ɗigo jajaye a ƙwaurinsa, ƙanana kamar kan allura, ba sa ƙaiƙayi, ba sa ɓacewa idan an danna su da yatsa. A cinyarsa jini ya kwanta ba tare da ya bugu ba. Yana haki idan ya ɗan yi tafiya, yana jin bugun zuciyarsa a kunne. Sai zazzaɓi ya zo, tare da gyambo a baki. An yi masa maganin cizon sauro, an yi na taifot, zazzaɓin na tafiya yana dawowa.

Matakin da ke tona asiri shi ne cikakken ƙirgen jini, wanda ake rubutawa FBC a takardar gwaji. A wurare da yawa abin da ake dubawa shi ne yawan jajayen ƙwayoyi kawai, a ce jini ya yi ƙasa, a ƙara leda ɗaya ko biyu, a sallami mutum. Cikakken ƙirge kuwa yana nuna duka ukun. A sakamakon wannan saurayi, himogulobin ya nuna 5.5, alhali na namiji mai lafiya 13 ne zuwa sama. Nitirofil 300 ne a kowace maikurolita, maimakon 1,500 zuwa sama. Filatilet 8,000 ne, maimakon 150,000 zuwa 400,000. Sai likita ya sa aka ƙirga sababbin jajayen ƙwayoyi da suka fito daga ɓargo kwanan nan. A wanda ya zubar da jini, waɗannan sukan yi yawa, domin ɓargo yana ƙoƙarin cike giɓi. A nan kuwa kusan babu su.

Faɗuwar ukun gaba ɗaya ba ta isa hujja ba, domin wasu cututtukan ma suna yin haka: sankarar jini, ƙarancin bitamin B12 ko folik asid, cuta mai karya garkuwar jiki, tarin fuka da ya shiga ɓargo, da kumburin saifa. Shi ya sa likita zai taɓa ciki da wuya da hammata. Mai afilastik animiya ba ya yin kumburin saifa ko kaluluwa, idan an same su hankali yakan koma wani wuri. Hukunci na ƙarshe yana wurin gwajin ɓargo. Majinyaci zai kwanta ta gefe, a kashe wurin da allura a bayan ƙashin ƙugu, a zuƙo ruwan ɓargo, sannan a ciro ɗan siririn gutsuren ƙashi da bai fi santimita biyu ba. Aikin ba ya wuce rabin sa'a, kuma ba ya taɓa laka, saɓanin abin da wasu ke tsoro. A ƙarƙashin madubin likita, ɓargon matashi mai lafiya fiye da rabinsa ƙwayoyi ne. Na wannan saurayi kusan duk kitse ne, babu kuma ƙwayoyin sankara.

Ana cewa ciwon ya yi tsanani idan ƙwayoyin ɓargo ba su kai kashi 25 cikin 100 ba, kuma aka samu biyu daga cikin abu uku: nitirofil ƙasa da 500, filatilet ƙasa da 20,000, ko sababbin jajayen ƙwayoyi sun yi ƙaranci ƙwarai. Idan nitirofil ya gaza 200, to tsananin ya kai matuƙa. Saurayinmu ya cika duka ukun. Masu irin wannan mataki, idan ƙarin jini kawai aka tsaya yi musu, mafi yawansu ba sa wuce shekara ɗaya zuwa biyu, kuma abin da ke ɗaukar su shi ne ƙwayoyin cuta ko zubar jini a ƙwaƙwalwa.

Makonnin farko

Da jin cewa ana buƙatar jini, mahaifin saurayin zai tara 'ya'yansa a bakin ɗakin gwaji.

"Likita, ga yayyensa nan su uku, ga ni. A ɗebi namu, ba sai an nema a waje ba."

"Baba, Allah ya saka da alheri. Amma a wannan ciwon na gida ne ba ma so. Ku bayar a ajiye wa wasu, mu kuma a ba mu na wanda ba ku haɗa jini ba."

Dalilin shi ne, idan aka saka wa majinyaci jinin ɗan'uwansa, garkuwarsa tana iya haddace alamomin da ke jikin ƙwayoyin wannan ɗan'uwan. Ranar da aka zo dasa masa ɓargon mutumin, sai jikinsa ya ƙi karɓa. Haka ma yawan ƙarin jini daga kowa yana rage nasarar dashe, don haka ba a ƙarawa sai da buƙata: jajayen ƙwayoyi idan himogulobin ya sauka ƙasa da 7 ko majinyaci ya galabaita, filatilet kuma idan sun gaza 10,000, ko 20,000 in akwai zazzaɓi ko zubar jini. An fi son jinin da aka tace fararen ƙwayoyinsa. Filatilet ba sa wuce kwana biyar a ajiye, kuma ba kowane asibiti ke da na'urar ware su ba, wannan na daga dalilan da suka sa jinyar take buƙatar babban asibitin koyarwa mai sashen cututtukan jini, irin na Malam Aminu Kano, ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ko na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato.

Ƙarin jini yana da wani nauyin. Kowace leda tana ɗauke da kusan miligiram 200 zuwa 250 na sinadarin ƙarfe, jiki kuma ba shi da hanyar fitar da shi. Bayan leda ashirin ko makamancin haka, ƙarfen yakan fara taruwa a hanta da zuciya, har sai an ba da maganin fitar da shi. Ke nan ƙwayoyin ƙarin jini da ake saye a kemis ba su da amfani ga wannan majinyaci, illa ma suke ƙarawa.

Zazzaɓi kuwa a wurinsa lamari ne na gaggawa. Idan ma'aunin zafi ya nuna 38, ba a jiran gari ya waye, domin wanda ba shi da nitirofil ƙwayar cuta tana iya mamaye jininsa cikin sa'o'i. Ana so a fara ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya cikin sa'a guda da isarsa asibiti. Haka kuma dole ya guji asfirin da ibufurofen da dikulofenak, waɗanda ke raunana ɗan abin da ya rage na filatilet. Ba a yi masa allura a tsoka, ba a cire masa haƙori sai an shirya. Wanzami ma sai ya haƙura: babu ƙaho, babu tsaga, babu cire beli, yaro kuma a ɗage kaciyarsa. Mace takan buƙaci maganin tsayar da jinin al'ada na wani lokaci.

Hanya ta farko: dashen ɓargo

Ga matashin da bai kai 40 ba, mafi ingancin magani shi ne a dasa masa ɓargon shaƙiƙinsa wanda suka dace. Tun farkon shekarun 1970 aka fara samun nasarar hakan a birnin Seattle na Amurka, ƙarƙashin jagorancin E. Donnall Thomas, wanda ya samu lambar yabo ta Nobel a 1990. Dacewar da ake nufi ba ta rukunin jini ba ce. Wasu alamomi ne da ke jikin ƙwayoyi, ana kiransu HLA, waɗanda mutum yake gadon rabi daga uwa, rabi daga uba. Kowane shaƙiƙi, uwa ɗaya uba ɗaya, yana da damar ɗaya cikin huɗu ta dacewa gaba ɗaya. Idan saurayinmu yana da shaƙiƙai huɗu, damar a samu aƙalla ɗaya ta kai kusan 68 cikin 100. 'Yan uba kuwa, duk yawansu, galibi iyakarsu dacewa da rabi.

Mai bayarwa ana sa shi barci, a zuƙo ɓargo daga ƙashin ƙugunsa, jikinsa kuma ya mayar da shi cikin 'yan makonni. Majinyaci ana ba shi magunguna na 'yan kwanaki don kwantar da garkuwarsa, sannan a saka masa ɓargon ta jijiya kamar ƙarin jini. Babu tiyata. Ƙwayoyin da kansu suke neman hanya su shiga ƙashi, cikin mako biyu zuwa huɗu kuma su fara aiki. Haɗarin shi ne jiki ya ƙi dashen, ko cuta ta shiga kafin ya kama, ko kuma garkuwar mai bayarwa ta far wa fata da hanta da hanjin majinyaci. Duk da haka, a cibiyoyin da suka ƙware, kusan yara tara cikin goma suna rayuwa, matasa ma suna kusa da haka. Nasarar tana raguwa da ƙaruwar shekaru da kuma jinkiri. A 'yan shekarun nan an ci gaba sosai wajen dashe daga wanda ya dace da rabi, kamar uwa ko uba, abin da ya buɗe ƙofa ga waɗanda ba su da shaƙiƙin da ya dace.

A Najeriya an yi dashen ɓargo na farko a 2011, a asibitin koyarwa na Jami'ar Benin, ga wani yaro mai sikila. Har yanzu cibiyoyin kaɗan ne, kuɗin kuma ya fi ƙarfin yawancin iyalai, shi ya sa masu hali sukan nufi Indiya ko Masar.

Hanya ta biyu: danne garkuwa

Idan babu wanda ya dace, ko majinyaci ya manyanta, sai a koma ga kwantar da ƙwayoyin T don ragowar ƙwayoyin asali su samu sarari. Babban maganin shi ne ATG. Ana samunsa ne ta hanyar yi wa doki ko zomo allurar ƙwayoyin T na ɗan'adam, dabbar ta ƙera abin yaƙi da su, sai a tace shi daga jininta. Wani bincike da Cibiyoyin Lafiya na Ƙasa na Amurka suka wallafa a 2011 ya nuna na doki ya fi: kashi 68 cikin 100 sun samu sauƙi cikin wata shida, na zomo kuwa 37.

Ga saurayinmu mai kilo 50, ana ba da miligiram 40 a kowane kilo, wato 2,000 a rana, ta jijiya a hankali, kwana huɗu a jere, yana kwance a asibiti. Yakan sa zazzaɓi da rawar sanyi, bayan mako ɗaya zuwa biyu kuma ya iya kawo ƙuraje da ciwon gaɓoɓi, don haka ake haɗa shi da firedinisolon na ɗan lokaci. Sai sikulosiforin, miligiram 5 a kowane kilo, wato 250 a rana, a raba safe da dare. Shi ana shansa aƙalla shekara guda, ana auna yawansa a jini, ana lura da ƙoda da hawan jini, domin yana taɓa su. Yakan kuma kumbura dasashi, ya ƙara gashi a jiki.

Na uku, wanda ya shigo daga baya, shi ne eltirombofag, ƙwaya mai zaburar da ƙwayoyin asali. Wani babban bincike na Turai da aka wallafa a 2022 ya nuna ƙara shi a kan magungunan biyu ya ɗaga yawan masu samun sauƙi a wata shida daga kashi 41 zuwa 68. Yana da sharaɗi guda da ake yawan mantawa: madara da nono suna hana shi shiga jiki. Wanda ya haɗiye shi da fura da nono ya yi asarar kuɗinsa. Ana shansa sa'a biyu kafin cin irin waɗannan, ko sa'a huɗu bayan su.

Wannan hanya tana buƙatar haƙuri, domin ba a ganin sakamako sai bayan wata uku zuwa shida, kuma a tsakanin nan ana ci gaba da ƙarin jini. Kusan ɗaya cikin uku na waɗanda suka samu sauƙi ciwon yakan dawo musu, musamman idan aka yanke sikulosiforin farat ɗaya maimakon a dinga rage shi sannu a hankali. Kimanin 10 zuwa 15 cikin 100 kuma ɓargonsu yakan rikiɗe zuwa wata cutar jini bayan shekaru, har da sankara, shi ya sa ba a daina zuwa gwaji ko an ji garau.

Inda ATG bai samu ba, saboda tsada ko rashinsa a kasuwa, likitoci sukan yi amfani da sikulosiforin shi kaɗai ko tare da eltirombofag, ko su ba da magungunan dangin sinadarin maza irin su danazol da okzimetolon. Suna taimakon wasu, musamman waɗanda ciwonsu bai yi tsanani ba, amma ba su kai ATG ba, kuma na dangin sinadarin maza suna iya taɓa hanta. Firedinisolon shi kaɗai ba ya warkar da wannan ciwo, sai dai ya ƙara buɗe wa cututtuka ƙofa.

Abin da iyali za su nema

Duk wanda ƙarancin jininsa ya zo tare da haɓo, ko jinin dasashi, ko ɗigo-ɗigo a fata, ko zazzaɓin da ya ƙi jin magani, ya nemi a yi masa cikakken ƙirgen jini kafin a ƙara masa leda ta farko, domin jinin da aka ƙara yana iya rikita wasu gwaje-gwajen. Idan duka ukun sun faɗi, a nemi takardar turawa zuwa likitan cututtukan jini a wannan makon. A tafi da kwalaye da kwalaben duk magungunan da ya sha a wata shida da suka wuce, har da na gargajiya, a kuma faɗi sana'arsa da abin da yake taɓawa a wurin aiki. Idan gwajin ɓargo ya tabbatar da ciwon kuma majinyacin yaro ne ko matashi, a tambayi likita a ranar yadda za a yi gwajin HLA ga shi da shaƙiƙansa, tun kafin ledojin jini su yi yawa.